Minti arba'in, sakin layi huɗu: yadda ake rubuta insha'in ra'ayi a jarrabawar IELTS

Duk ma'aikaciyar jinyar da ke shirin tafiya aiki Birtaniya, ko ɗalibin da ya samu gurbin digiri na biyu a Kanada ko Ostireliya, ya san sunan IELTS. Jarrabawar ƙwarewa ce a Turanci wadda British Council da IDP da Cambridge suke gudanarwa tun 1989, kuma tana da sassa huɗu: sauraro, karatu, rubutu da magana. Ana ba da maki daga 0 zuwa 9, har da rabi-rabi. Idan ka zauna da waɗanda suka taɓa rubuta ta, ƙorafin da za ka fi ji ɗaya ne. Sauraro ya yi kyau, karatu ya yi kyau, magana ma babu laifi, amma rubutu ya tsaya a 6 ko 6.5 ya ƙi motsi. Rabin makin nan ba abin wasa ba ne. Hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya da ungozoma rajista a Birtaniya tana neman 6.5 a rubutu, ta likitoci kuwa tana neman 7 a kowane sashe. Wanda ya gaza da rabin maki sai ya sake haɗa kuɗin jarrabawa, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne.

Sa'a guda ake bayarwa a sashen rubutu, ayyuka biyu ne a ciki. Na farko gajere ne, kalmomi 150 aƙalla, bayanin jadawali ko zane ga masu neman karatu, wasiƙa ga masu neman ƙaura. Na biyu shi ne insha'i, kalmomi 250 aƙalla, kuma nauyinsa a wurin lissafin maki ya ninka na farkon. Shi ya sa ake ba da shawarar a ware masa minti arba'in. Babu wanda zai buga ƙararrawa ya ce maka lokacin aikin farko ya ƙare. Kai ne mai rabon lokacinka, kuma ba a hana ka farawa da na biyun ba. Mutane da yawa suna cinye rabin sa'a a kan jadawali, su zo insha'in da ya fi maki a gurguje.

Kafin a shiga bayanin tsari, a yi wani ɗan lissafi da ke kwantar da hankali. Insha'i mai kyau a wannan jarrabawa yakan kai kalmomi 270 zuwa 290. Idan ka cire minti biyar na tsarawa a farko da minti biyar na dubawa a ƙarshe, saura minti talatin. Kalmomi 280 cikin minti talatin bai kai kalma goma a minti ɗaya ba. Ɗan sakandare ma ya fi haka saurin hannu. Ke nan ba saurin rubutu ne ke kayar da mutane ba. Abin da ke cin lokaci shi ne tsayawa a tsakiyar sakin layi ana tauna biro, ana tunanin me za a ce gaba, saboda an fara rubutu ba a san inda aka dosa ba. A ganina, mintuna biyar na farko su ne insha'in. Sauran duk cikawa ne.

Mu ɗauki tambaya irin wadda aka saba yi, mu bi ta tun daga tushe. A Turanci za ta zo, a Turanci kuma za a amsa, amma tunanin da ke ƙarƙashinta babu ruwansa da harshe, don haka ga ma'anarta da Hausa: wasu na ganin ƙara kuɗin man fetur shi ne hanya mafi kyau ta magance cunkoson motoci da gurɓatar iska a birane, yaya girman yardarka ko rashin yardarka da wannan ra'ayi? A ƙarƙashinta za a umarce ka da ka kawo dalilai, tare da misalan da suka dace daga iliminka ko abin da ka gani a rayuwa.

Minti na farko na karanta tambaya ne, sau biyu, ana ja layi a ƙarƙashin kalmomin da suka ɗauki nauyinta. A nan guda uku ne. Akwai maganin da aka kawo, wato ƙarin kuɗin mai. Akwai cututtuka biyu da aka ce yana warkarwa, cunkoso da gurɓatar iska, kuma wanda ya yi maganar cunkoso kaɗai ya amsa rabin tambaya ne. Sai kuma 'yar ƙaramar kalmar da ta fi kowacce haɗari: "mafi kyau". Ba a tambaye ka ko ƙarin kuɗin mai yana da amfani ba. An tambaye ka ko ya fi sauran hanyoyi. Wanda ya lura da wannan ya riga ya samu insha'insa, domin yana iya yarda cewa matakin yana aiki, ya kuma ƙi yarda cewa shi ne kan gaba, ba tare da ya yi wa kansa tufka da warwara ba.

Akwai wani rami da ɗan Najeriya musamman zai iya faɗawa a wannan tambaya. Da ya ga maganar kuɗin mai, ransa zai koma ranar 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, sai ya zuba abin da ke cikinsa a kan tsadar rayuwa da halin shugabanni. Zai iya yin rubutu mai zafi, cikin Turanci mai kyau, ya fito yana jin ya burge, amma bai taɓo cunkoso ko hayaƙi ba. Mai duba takardar yana da ma'auni huɗu masu nauyi iri ɗaya: amsa abin da aka tambaya, tsari da haɗuwar zance, yalwar kalmomi, sai nahawu. Insha'in da ya kauce wa tambaya ya zubar da ma'aunin farko, komai daɗin Turancinsa. Cire tallafi misali ne mai ƙarfi a nan, amma matsayinsa na shaida ne, ba shi ne shari'ar ba.

Minti na biyu na yanke hukunci ne. Ka rubuta matsayarka a takardar tsarawa, cikin jimla ɗaya, kafin ka rubuta komai a takardar amsa. Tamu ga ta: ƙarin kuɗin mai yana rage yawan motoci a kan titi, amma ba shi ne hanya mafi kyau ba, domin ya fi gallaza wa marasa ƙarfi, alhali ingantacciyar sufurin jama'a da harajin shiga tsakiyar gari sun fi shi kai wa ga matsalar. Ga gwajin da za ka yi wa jimlar: shin wani mai hankali zai iya cewa bai yarda ba? Idan zai iya, to matsaya ce. Idan abin da ka rubuta shi ne cewa lamarin yana da amfani kuma yana da illa, babu mai musa maka, domin ba ka ce komai ba.

Kada ka ɓata lokaci kana neman ra'ayin da mai dubawa zai so. Ba a ba da maki don ka goyi baya ko ka ƙi. Ba dole ba ne ma ya zama ra'ayinka na zuciya. Ka ɗauki ɓangaren da misalansa suka fara zuwa maka, wanda kuma kake da kalmomin Turancinsa a hannu.

Sauran mintuna ukun na zaɓen hujja ne, kuma wahalar a nan ta zubarwa ce, ba ta nema ba. Dalilai biyar ko shida za su faɗo maka. Biyu kake bukata, ɗaya ga kowane sakin layi na tsakiya, kowanne da misalinsa guda. Takardar tsarawar ba ta wuce layi huɗu ko biyar ba, da guntayen kalmomi, ko da Hausa ne, tunda ba a duba ta. A tamu, layin farko matsaya ce. Na biyu ya ce: yana aiki amma a kan talaka, misali Najeriya 2023. Na uku ya ce: abin da ya fi, harajin shiga gari da bas, misali Landan 2003. Shi ke nan.

Gabatarwa jimla biyu ce ko uku, kalmomi arba'in zuwa hamsin, kuma bai kamata ta ci fiye da minti huɗu ba. Jimlar farko ta sake faɗin batun da kalmominka, domin abin da aka kwafo kai-tsaye daga tambaya ba a lissafa shi cikin naka. Ta biyu ita ce matsayar nan da ka riga ka rubuta. Waɗanda suka taso da insha'in muhawara na jarrabawar WAEC sai su yi hattara a nan. Can an saba buɗewa da gaida shugaban taro da alƙalai da mai kula da lokaci, ana kuma neman kalmomi 450. Nan babu gaisuwa, babu shimfiɗar tarihin mota tun daga ƙirƙiro ta, babu karin magana. Mu mutane ne masu son sharar fage kafin a kai ga magana, kuma a zaure hakan ladabi ne, amma a takarda mai kalmomi 280 duk jimlar da ta tafi a sharar fage an ƙwace ta ne daga hujja. Haka nan jimlolin da ake haddacewa a wuraren koyon jarrabawa, irin su cewa wannan batu ne da ya daɗe yana jawo zazzafar muhawara a duniyar yau. Masu dubawa sun gan su sau ba adadi, an kuma horar da su gane haddataccen rubutu.

Yanzu ga inda aikin yake, sakin layi na biyu da na uku, kowanne kalmomi casa'in zuwa ɗari, kowanne minti goma ko sha ɗaya. Ginin kowannensu iri ɗaya ne: jimlar da ta faɗi hujja, jimla ɗaya ko biyu da suka bayyana yadda abin ke faruwa, misali, sai jimlar da ta ɗaure misalin da tambaya.

Ga yadda na biyun zai kasance a tambayarmu. Ya buɗe da cewa gaskiya ne tsadar mai tana rage zirga-zirga, sai dai nauyinta ba ya sauka daidai a kan kowa. Ya bayyana dalili: mai hali zai ci gaba da hawa motarsa ko nawa lita ta kai, wanda zai ajiye tasa shi ne ƙaramin ma'aikaci, kuma wanda bai taɓa mallakar mota ba ma zai biya, ta hanyar kuɗin haya da farashin abinci da ake ɗaukowa a mota. Sai misali: a Najeriya, bayan cire tallafi a 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, mutane da dama sun ajiye motocinsu, amma kuɗin mota da na kayan masarufi sun hau a kan kowa. Sai ɗaurin ƙarshe: maganin da ke rage hayaƙi ta hanyar hana talaka zuwa wurin aiki yana da wuya a kira shi mafi kyau.

A lura da abin da ya faru a nan, domin shi ne ma'anar daidaito a insha'in ra'ayi, kuma shi ne abin da aka fi yi wa gurguwar fahimta. Da yawa sun ɗauka adalci shi ne a ba wa masu goyon baya sakin layi ɗaya, masu adawa ɗaya, marubuci ya tsaya a tsakiya kamar ba shi a wurin, sai a jimlar ƙarshe ya leƙo ya ce shi dai yana ganin kaza. Mai karanta irin wannan yakan kai ƙarshen sakin layi na biyu yana zaton marubucin ya goyi bayan ƙarin kuɗi, ya kai ƙarshen na uku yana zaton ya ƙi, ya rasa wanne ne nasa. Ma'aunin da hukumar jarrabawar ta wallafa ya bambance su sarai: a matakin 7 ana son matsaya bayyananniya wadda aka raya ta, a matakin 6 kuwa akwai matsaya amma inda aka sauka yana iya zama da hazo ko maimaici. Daidaiton da ake nema irin na alƙali ne: ya saurari kowane ɓangare, ya faɗi inda wanda bai yi nasara ba yake da gaskiya, amma ba ya tashi daga zama ba tare da hukunci ba. A sakin layinmu an ba wa ɗaya ɓangaren haƙƙinsa tun a jimlar farko, an yarda cewa motoci sun ragu, amma ko a lokacin mai karatu bai yi shakkar inda marubucin ya tsaya ba.

Sakin layi na uku dole ne ya biya bashin da kalmar "mafi kyau" ta ɗora mana. Tunda mun ce akwai abin da ya fi, sai mu nuna shi. Hujjar ita ce cunkoso matsala ce ta wuri da lokaci, wato tsakiyar gari da safe da yamma, don haka maganin da ya nufi wurin da lokacin ya fi wanda ya faɗa kan kowa, har da manomin ƙauye da bai taɓa shiga cunkoso ba. Misali: a 2003 birnin Landan ya sa harajin fam biyar a rana ga motar da za ta shiga tsakiyarsa, aka zuba kuɗin a harkar sufuri, galibi motocin bas, kuma motocin da ke shiga yankin suka ragu. Daga nan sai jimla ɗaya ta ɗauko rabin tambayar da ya rage: bas ɗaya da ya kwashi mutum hamsin ya cire motoci masu yawa daga titi, da hayaƙinsu gaba ɗaya. Wanda bai san labarin Landan ba yana iya kawo motocin BRT na Legas, waɗanda suka fara aiki a 2008 a kan layinsu na daban tsakanin Mile 12 da CMS. Ɗaya ya isa. Idan ka jera biyun, ka ƙara da jirgin ƙasa da keke da dashen itatuwa, ka koma mai lissafo sunaye, kuma babu wanda za ka samu sararin bayyanawa.

Misalan biyu su zama tsaran juna. Idan na farko yana da ƙasa da shekara da farashi, na biyu kuma ya tsaya a "a wasu ƙasashen da suka ci gaba ana yin haka", insha'in ya karkace, kuma abin takaicin shi ne ɓangaren da ya yi rauni shi ne naka. Wannan ba ya nufin sai ka haddace shekaru. Misali daga unguwarku ma karɓaɓɓe ne, tunda tambayar da kanta ta ba da izinin abin da ka gani da idonka. Abin da ban ga amfaninsa ba shi ne ƙirƙiro bincike, a ce wata jami'a ta gano kashi saba'in cikin ɗari na direbobi sun yi kaza. Wasu masu koyarwa suna ba da wannan shawara bisa hujjar cewa mai dubawa ba zai je ya bincika ba. Ko da bai bincika ba, adadin da aka jefo bai bayyana yadda abu ke haifar da abu ba, kuma wannan bayanin ne ake saya da maki.

Kammalawa jimla biyu ce, kalmomi talatin zuwa arba'in, minti uku ko huɗu. Ta maimaita hukuncin da wasu kalmomi, ta tuna dalilan biyu a taƙaice. Sabuwar hujja ba ta shiga nan. Idan ka duba agogo ka ga saura minti bakwai kana tsakiyar sakin layi na uku, rufe shi da jimla ɗaya ka wuce kammalawa. Sakin layin da ya ɗan gajarta ya fi insha'in da ya yanke babu ƙarshe.

Me ya sa huɗu, ba biyar ba? Babu dokar da ta ce huɗu. Lissafi ne kawai. Idan ka raba kalmomi 190 na tsakiya gida uku, kowace hujja ta samu sittin da 'yan kai, wato ka faɗe ta, ka kawo misali a guje, babu wurin bayani. Mai saurin hannu da zai iya kalmomi 330 masu tsabta yana iya yin biyar. Ga yawancin mutane kuwa, ƙarin tsawo ƙarin kurakurai ne. Tsarin huɗun yana ɗaukar ɗaya nau'in tambayar ma, wadda ke cewa a tattauna ra'ayoyi biyu sannan a faɗi na kai. A can wajibi ne kowane ra'ayi ya samu cikakken sakin layinsa, amma naka ya fito tun a gabatarwa, kuma ya fi sauƙi ka ajiye wanda kake goyon baya a na uku domin ya gangara cikin kammalawa.

Mintuna biyar na ƙarshe ba na sake tunani ba ne. Fara da karanta jimloli huɗu kawai: matsayar da ke gabatarwa, jimlar farko ta kowane sakin layi na tsakiya, da jimlar farko ta kammalawa. Idan su huɗun sun yi magana da murya ɗaya, ginin ya tsaya. Sannan ka farauci kurakuran da ka san naka ne. Ga mai Hausa a baki, sanannu ne: ƙananan kalmomin nan da Turanci ke sawa gaban suna, harafin da ake liƙa wa aikatau idan mai aikin ɗaya ne, da doguwar jimlar da aka yi ta ɗinkewa da waƙafi har ta kai layi biyar. Ka tabbata akwai fili bayyananne tsakanin sakin layi da sakin layi, kuma babu jerin ɗigo-ɗigo, domin ana rage maki a kan amsar da aka rubuta kamar bayanan tuni.

Mai rubutawa a kwamfuta zai ga adadin kalmominsa a allo, amma babu mai gyara masa rubutun kalma, don haka wanda ya saba wayarsa na yi masa gyara ya kashe wannan tun a gida. Mai rubutawa da hannu kuwa ya auna kansa kafin ranar: idan layinsa yakan ɗauki kalmomi goma, layi ashirin da takwas yake nema, kuma layukan zai ƙirga a zauren jarrabawa, ba kalmomi ɗaya bayan ɗaya ba. Wajen atisaye, ba sai kullum an rubuta cikakken insha'i ba. A ɗauki tsofaffin tambayoyi daga littattafan atisaye na Cambridge, a sa agogo a kan minti biyar, a fitar da matsaya da hujjoji biyu da misalai biyu, a ajiye, a ɗauki wata. Cikin rabin sa'a an tsara shida. Cikakken rubutu na minti arba'in kuma a riƙa yin sa sau ɗaya ko biyu a mako, a miƙa wa wani ya karanta, a tambaye shi abu ɗaya tak: a wane layi ka fara gane ɓangaren da na ɗauka? Idan amsarsa ta wuce layi na huɗu ko na biyar, gabatarwar ce ke bukatar gyara.